Labarin Iya mai abinci da faranti ashirin da huɗu

Malama Hadiza (Bolari): Assalamu alaikum malamai. Ina neman ku duba min wani ɗan labari kafin Litinin. Zan koya wa 'yan aji huɗu na sakandare bambancin buƙata, da abin so, da neman saye a darasin kasuwanci. Bara da na rubuta ma'anonin a allo sun haddace tsaf, amma da aka kawo misali a jarabawa sai suka cakuɗa su. Bana ina so in shiga da labari. Ga abin da na tsara: Aminu ya taso daga makaranta da rana tsaka, ƙishirwa ta kama shi, ya sayi ruwan leda, wannan buƙata ce. Ya wuce shagon waya ya ga sabuwar waya ta ba shi sha'awa, wannan abin so ne. Ya isa gida ya tarar babansa ya sayo babur, wannan neman saye ne. Ya yi, ko da gyara?

Mista Yohanna (Kaltungo): Ni dai ya yi min. Gajere ne, yaro zai riƙe.

Baba Garba: Wa alaikumus salam. 'Yata Hadiza, tunanin shiga da labari daidai ne, amma wannan labarin zai mayar da ke inda kika baro bara. Kin ba kowane abu kayansa daban: ruwa, waya, babur. Abin da yaro zai ɗauka shi ne kaya ake rabawa gida uku, mai araha buƙata, mai ƙyalli abin so, mai tsada neman saye. Ran jarabawa aka ce masa takalmi, sai ya tsaya yana lissafin tsadarsa don ya san gidan da zai saka shi. Alhali ruwan ledar nan da Aminu ya saya, duka ukun suna cikinsa. Ƙishirwa ce buƙatar. Zaɓen ruwan leda mai sanyi maimakon na randa ko zoɓo shi ne son. Fitar da kuɗi ya miƙa wa mai ruwa shi ne neman sayen. Abu ɗaya ne yake hawa mataki uku, don haka labarin ma ya kamata ya riƙe buƙata guda tak daga farko har ƙarshe.

Malama Hadiza (Bolari): Na gane, Baba. To amma in na tsaya kan Aminu shi kaɗai, ukun za su faru cikin daƙiƙa ɗaya, yaro ba zai ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Dalilin da ya sa na raba kayan ke nan.

Baba Garba: Wannan damuwar taki gaskiya ce. Maganinta shi ne ki yawaita mutanen, ki bar kayan. Kuma ki ba da labarin ta idon mai sayarwa, domin shi ne wanda rashin bambancewa yake ci wa jari. Ga wanda na riƙa bayarwa kafin in yi ritaya, na dai sabunta kuɗin:

Akwai wata Iya mai sayar da masa da awara a ƙofar wata makaranta. Wata ranar Laraba ta tare 'yan wani aji su arba'in, ta ce, "Wa yake jin yunwa lokacin tara?" Duka arba'in suka ɗaga hannu. Ta ce, "To gobe me kuke so in kawo muku?" Goma suka ce masa. Shida suka ce awara. Ashirin da huɗu suka ce shinkafa da kaza. Iya ta koma gida da murna, ta ci bashin shinkafa da kaji, ta yi faranti 24. Kowane faranti ya tsaya mata a kan ₦1,100, ta sa masa kuɗi ₦1,500.

Ranar Alhamis aka kaɗa ƙararrawar tara. Masu masa da masu awara suka biya suka karɓi nasu. Su ashirin da huɗun nan suka kewaye kular shinkafa suna shaƙar ƙamshi. Biyar ne kawai ke da ₦1,500 a aljihu. Huɗu suka biya. Na biyar, Bala, ya fito da kuɗin, ya dube su, ya mayar aljihu, ya ce takalmin ƙwallo yake tara wa. Da Iya ta ga tara na shirin ƙarewa shinkafa na hucewa, ta ce ta mayar ₦1,000. Nan Bala ya biya, wasu uku masu dubu ɗai-ɗai ma suka biya. Goma da ke da 'yan ɗari biyu zuwa ɗari biyar suka juya kan masa, suka tarar ta ƙare, suka tafi wurin mai gyaɗa. Shida ba su da ko sisi, suka koma aji da yunwarsu. Iya ta ɗauki faranti 16 ta nufi gida.

A nan nake tsayawa. Ba na faɗin ma'anar komai. Sai in tambaye su: Iya ta yi tambaya biyu, wace ce ta ukun da ba ta yi ba?

Mista Yohanna (Kaltungo): Kai, wannan ya fi. Ta kashe ₦26,400, ta karɓi ₦6,000 daga na farko da ₦4,000 daga na biyu, ₦10,000 ke nan. Ragowar ₦16,400 suna cikin kula suna jiran lalacewa. Yaran da iyayensu mata ke sana'ar abinci za su ji wannan a jikinsu.

Hajiya Asabe: Masha Allah, labari mai darasi. Ni uwa ce ba malama ba, amma ina ganin a ƙara masa ƙarshe mai kyau. A nuna yaran da suka ce shinkafa da kaza kwaɗayi ne ya ja su, waɗanda suka haƙura da masa su ne masu wadatar zuci. Yaran yanzu ba su san bambancin abin da suke buƙata da abin da ransu ke so ba. Nawa kullum kuɗin data, kamar shi ne abinci.

Malama Hadiza (Bolari): Hajiya, wannan tarbiyyar muna yin ta a wasu darussan. Amma a nan in na ce masu son shinkafa kwaɗayayyu ne, yara za su ɗauka abin so laifi ne. Mai son masa ma ai so yake yi. Yunwa ba ta ce masa ba, ba ta ce shinkafa ba, cewa ta yi a ci abinci. Daga lokacin da yaro ya ambaci sunan abincin, ya shiga mataki na biyu, ko da garin kwaki ya ambata.

Baba Garba: Kin riƙe shi ke nan. Kuma Hajiya, ki lura wanda ya tafka asara a labarin ba yaran ba ne. Su gaskiya suka faɗa, tambayarsu aka yi me suke so. Iya ce ta ƙirga so ta ɗauke shi ciniki.

Hajiya Asabe: To na ji. Amma dai maganar data ba ku ba ni amsa ba.

Malam Sani (Kumo): Ni tattalin arziki nake koyarwa, bari in ƙara abu ɗaya, don ɗaliban Malama Hadiza su ne za su shigo ajina su kuma rubuta jarabawar WAEC da NECO. A wurinmu ba a cewa "neman sayen shinkafa huɗu ne" a yi shiru. Dole a haɗa da farashi da lokaci: faranti huɗu, a kan ₦1,500, a tarar ranar Alhamis. In babu farashi, lambar ba ta da ma'ana. Abin da ya burge ni a labarin Baba shi ne rage kuɗin nan da Iya ta yi, domin ya ba mu jadawali a shirye:

₦1,500, faranti 4
₦1,000, faranti 8

Ku lura na rubuta 8, ban rubuta 4 ba. Yara da yawa a nan suke faɗuwa. Za su ce ai mutum huɗu ne suka saya a kan dubu ɗaya. Amma huɗun farko da suka iya biyan ₦1,500, da tun farko an ce musu ₦1,000 ai da gudu za su biya. Tambayar jadawalin ita ce: da wannan ne farashin, faranti nawa za su tafi? Yunwa tana nan arba'in, masu son shinkafa suna nan ashirin da huɗu, lamba ta uku ce kaɗai ta motsa da farashi ya motsa. In yaro ya ga haka da idonsa, dokar nan ta cewa in farashi ya sauka abin da ake saye yana ƙaruwa ba sai an sa shi hadda ba.

Mista Yohanna (Kaltungo): Malam Sani, to Bala fa? Ni da farko cikin masu neman saye na saka shi, tunda yana da kuɗin. Abin da na sani shi ne so in ya haɗu da kuɗi, shi ke nan ya zama neman saye.

Malam Sani (Kumo): Rabin maganar ke nan. Iko da niyya, sai sun haɗu. Bala yana da iko a ₦1,500 amma ba shi da niyya, domin takalmi ya fi masa faranti a wannan farashin. Da aka sauko ₦1,000 niyyar ta samu. Su ukun da suka biyo shi kuma akasin haka ne, niyya suke da ita tun farko, iko ne babu. Mutum huɗu suka saya lokaci ɗaya, amma abin da ya hana Bala da farko daban, na sauran daban.

Baba Garba: Don haka na saka Bala. In aka cire shi, yara za su tafi da cewa mai kuɗi duk abin da ya gani saye yake yi. Kowane ɗan kasuwa a Tudun Hatsi ya san mai zuwa da kuɗi a aljihu, ya taya buhun masara, ya juya ya tafi.

Ustaz Abdulƙadir: Malamai, Allah ya saka da alheri. Ni ina ganin wannan rabon ai malamanmu na usulu sun riga sun yi shi: daruriyyat, hajiyyat, tahsiniyyat. Abin da rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi, da abin da rashinsa ke jawo ƙunci, da abin da yake ƙawa ne kawai. Yaranmu da ke zuwa Islamiyya sun taɓa jin wannan. Me zai hana a ɗora ukun a kan ukun?

Baba Garba: Ustaz, ranka ya daɗe, wannan rabon yana da amfani sosai, amma tambayar da yake amsawa daban ce. Shi yana jera abubuwa ne bisa nauyinsu, wanne ya fi wanne muhimmanci. Namu yana bin abu ɗaya ne daga jikin mutum zuwa hannun mai sayarwa. Magani ga mara lafiya larura ne ba shakka, amma in ba shi da kuɗin saye, mai kemis ba zai ƙirga shi cikin masu neman saye ba. Turare kuma ƙawa ne, amma ana rububinsa da kuɗi a hannu. In aka ɗora na uku kan na uku, yaro zai ce neman saye shi ne kayan alatu, mun koma kan babur ɗin baban Aminu. Haka yake faruwa da matakan buƙatu biyar na masanin halayyar ɗan Adam Maslow na 1943 da wasu malamai ke kawowa a nan. Duka biyun suna taimakawa wajen buɗe mataki na farko, su nuna buƙata ba ci da sha kaɗai ba ce. Ba sa maye gurbin sauran biyun.

Ustaz Abdulƙadir: Na yarda ba su yi daidai ƙafa da ƙafa ba. Amma yara shidan nan da suka koma aji da yunwa sun tsaya min a rai. Ilimin da zai ce wa yaro waɗannan ba a ƙirga su, ban gamsu a bar shi haka ba tare da an ce wani abu ba.

Malama Hadiza (Bolari): Ni ma su ne suka fi damuna, Ustaz. A ajina akwai waɗanda su ne shidan nan, na san su da fuska. Akwai yarinyar da in aka fita tara sai ta buɗe littafi ta sunkuyar da kai har a dawo.

Malam Sani (Kumo): Ai su ne mafi muhimmancin sashen labarin, kada a ɓoye su. Ba a ce yunwarsu ƙarya ce ba. Cewa aka yi kasuwa ba ta ganinta, domin kasuwa kuɗi take ƙirgawa. Wannan iyakar kasuwa ce, kuma ya dace yaro ya san ta tun yanzu. Daga nan ne zai gane dalilin zakka da sadaka, da dalilin da ya sa gwamnati ke shiga harkar ciyar da 'yan firamare ko rigakafi kyauta. Da kasuwa na biyan kowace buƙata da ba a nemi waɗannan ba.

Baba Garba: Abu ɗaya nake roƙo, Hadiza. Kada ki mayar da labarin wasan kwaikwayo da aljihun yaranki na gaskiya. Na taɓa ganin wani matashin malami ya ce duk mai dubu ɗaya a aljihu ya miƙe tsaye, don ya nuna neman saye. Darasin ya fito, amma waɗanda suka rage a zaune ba su sake ɗaga ido ba har aka tashi. In kina son su taka rawa, yanka takardu arba'in, ki rubuta kuɗin kowa a kai, ki naɗe, su ɗiba da ka. Biyar masu ₦1,500, ɗaya daga ciki ki rubuta masa "kana tara kuɗin takalmi". Ɗan mai kuɗi yana iya ɗaukar takardar da babu komai, kowa ya san sa'a ce.

Nura (Pantami): Gafara dai malamai, ni ɗalibin koyon koyarwa ne, kuma ina taya yayana zama a shagon kayan masarufi. Labarin nan ya tuna min farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira. Mutum zai zo shago, yana buƙatar kaya, yana so, kuɗi na cikin asusunsa, niyya kuma akwai, amma babu tsaba a hannu. Maƙwabcinmu ba ya karɓar tiransifa, mu muna karɓa in sabis ya yarda. To wannan mutumin, mai neman saye ne ko a'a?

Malam Sani (Kumo): Tambaya mai kyau, Nura. A shagonku eh, a na maƙwabcinku a'a. Ikon saye yana nufin abin da mai kaya zai karɓa. Haka bashi ma yake. Da Iya ta ce wa ɗaya daga cikin shidan nan ya ci ya biya ran Litinin, ya shiga lissafi, domin amincin da ta ba shi ya zama ikon saye.

Baba Garba: Kan bashi na yarda. Kan na 2023 ina da ja. Mutumin yana da dukiyar, yana da niyya, hanyar miƙa kuɗin ce ta toshe. Ni zan ce neman sayen yana nan, maƙwabcin ne ya kasa kama shi, shi ya sa ya gangaro shagon su Nura. In ka ce babu shi, ta ina cinikinsu ya ƙaru?

Malam Sani (Kumo): Baba, da girmamawa, a ƙauyukan da ke kewayen Kumo akwai kasuwannin da kusan ba mai karɓar tiransifa a lokacin. Masu kawo kaji da hatsi sun karyar da kaya don su samu tsaba. Neman sayen da ba ya iya biya a ko'ina cikin kasuwar, ai farashi ya nuna bai iso ba.

Baba Garba: Wannan sai mun zauna. Amma kada a kai wa 'yan aji huɗu shi a darasin farko.

Malama Hadiza (Bolari): Ba zan kai ba. Minti arba'in gare ni. Labari minti biyar, takardun Baba minti goma sha biyar, sai mu cike lambobi uku a allo: 40, 24, da 4 wanda ya koma 8. Abin da ya rage min shi ne yadda zan gane sun fahimta, ba haddace labarin Iya suka yi ba.

Baba Garba: Canza abu ɗaya a labarin, ki tambaye su wace lamba ce ta motsa. Misali, baban ɗaya daga cikin shidan ya ba shi ₦2,000 da safe. Amsa: ta ukun kaɗai. Wanda ya ce buƙatarsa ta ƙaru, har yanzu yana haɗa kuɗi da buƙata. Na biyu: wani ya buɗe shagon indomi da ƙwai a gefen Iya, yara goma suka ce yanzu shi suke so. Yunwa ba ta canza ba, so ne ya koma wani wuri. Wanda ya ce mai indomi ya ƙirƙiro sabuwar buƙata, ki dawo da shi kan arba'in ɗin nan, ki tambaye shi ko sun zama hamsin. Na uku shi ne mai wuya: watan azumi ya kama, yawancin ajin suna azumi. Yunwa tana nan, har ta fi ta da. Son shinkafa da kaza yana nan. Kuɗi ma yana iya kasancewa a aljihu. Amma lokacin tara ba mai saye, sai 'yan kaɗan da ba sa azumi. Yaron da ya iya bayyana wannan da bakinsa ya gane zancen niyya da zancen lokaci da Malam Sani ya kawo.

Mista Yohanna (Kaltungo): A ajina rabi da rabi ne, don haka na azumin zai ba da lamba mai kyau, ba zai sauka ƙasa gaba ɗaya ba. Zan gwada da su, amma zan mayar da abincin wanda suka saba gani a ƙofar makarantarmu.

Hajiya Asabe: Har yanzu ina jiran maganar data.

Malama Hadiza (Bolari): Hajiya, a ma'aunin labarin nan, buƙatar ita ce ya ji daga mutane su ji daga gare shi, ko ya samu abin karatu. Data hanya ce da ya zaɓa, don haka abin so ce. Kuma tunda ke kike biya, neman sayen daga jakarki yake fitowa.

Nura (Pantami): Anti, ban da mai sana'ar POS. Shi in babu data babu abinci a gidansa ranar. Kuma rajistar JAMB ta intanet ake yi yanzu, babu wata hanya ta biyu da za a ce ya zaɓa. In hanya ɗaya ce tak ta rage, har yanzu so za a kira ta?

Malam Sani (Kumo): Ni so zan kira ta, mai ƙarfi ƙwarai, irin wadda ko an ƙara kuɗi ba a fasa saye. Amma na san malaman da za su ba ka maki in ka ce buƙata, muddin ka kawo wannan hujjar. Malama Hadiza, in kin gama ranar Litinin ki turo min hoton takardun, ina so in yi amfani da su a darasin jadawali mako mai zuwa.